Waƙoƙina sun cakuɗe, ta ina zan fara?

Tela daga Ringim: Salamu alaikum. Ina ɗinki a wani ƙauye kusa da Ringim, kuma ba na iya zama kan keke ba tare da sauti a kunne ba. Tun 2021 da Spotify, manhajar sauraron waƙoƙi, ya shigo Najeriya nake tara waƙoƙi a kansa. Bara da bikin ƙanwata ya matso na bar mata wayar, ita da ƙawayenta suka yi ta danna duk abin da ya yi musu daɗi, har da waƙoƙin kamu da na sa lalle. Yanzu ta tare a Gumel, ni kuma Liked Songs ɗina, inda waƙoƙin da aka danna wa alamar so ke taruwa, ya haura dubu, waƙa ɗaya sai ta fito sau uku, ƙasida na ƙarewa kiɗan biki ya faɗo alhali dattijo na zaune ana gwada masa riga. Jerin waƙoƙi kuma sun kusa arba'in. Ina tsoron gogewa in yi asara. Yaya zan yi?

Malamin Firamare: Wa alaikumus salam. Ba ka faɗa mana ko kana da kwamfuta ba, kuma a nan aikin yake. Ka ari ta wani na awa biyu. Kafin ka taɓa komai, buɗe sabon jeri, ka shiga Liked Songs, ka danna Ctrl+A, ka ja su duka ka zuba a ciki. Wannan shi ne ajiyarka. Dalili kuwa, jerin da ka goge ana iya dawo da shi cikin kwana 90 ta Recover playlists a shafin asusunka, amma waƙar da ka cire daga Liked Songs sai dai ka tuno sunanta da kanka.

Maimaicin nan ba kuskuren hannu ba ne kawai. Mawaƙi kan saki waƙa ita kaɗai, daga baya ya sa ta cikin albam, manhajar kuma tana ɗaukarsu a matsayin waƙoƙi biyu, shi ya sa ba ta yi maka gargaɗi. Ka jera su da Title, masu suna ɗaya za su kwanta kusa da juna. Sai ka dubi tsawonsu. A ce ka ga uku: 4:12, 4:12, da 6:05. Biyun farko abu ɗaya ne, ka bar ta albam ka cire ɗayar. Ta ukun kada ka taɓa sai ka saurara, galibi ta taro ce ko wadda aka sake wa kiɗa.

Mai Cajin Waya: Duk wannan dogon zance ne. Kawo memorin ka, a sa Files by Google ya zaƙulo masu maimaici. Ni abin da ke ci min rai, mutum ya zo da memori cike da "AUD" da lambobi, ya ce in nemo masa waƙa ɗaya, kuma ba zai biya ko sisi ba.

Malamin Firamare: Ba a memori suke ba, ɗan'uwa. Waccan manhajar ba ta ganinsu.

Maman Biyu: Ni dai shawarata, ka share komai ka faro daga farko. Haka na yi da yara suka cika min tawa. Kuma ka tura Liked Songs ɗin cikin folda ka huta.

Malamin Firamare: Hajiya, Liked Songs ba ya shiga folda, jeri ne kawai ke shiga. Tela, a kwamfutar ka danna alamar ƙari, ka zaɓi folda, ka yi uku kacal: Shago, Ƙasidu, Biki. Ja kowane jeri ka jefa inda ya dace, za su bayyana a wayarka. Amma ka kula, in kana saukewa don saurare ba data, waƙar da ka mayar sabon jeri ka cire daga tsohon tana iya buƙatar sabuwar saukewa. Ka kunna saukewar sabon jerin tukuna, a inda sabis ke da ƙarfi.

Tela daga Ringim: Na gode, Malam. Hajiya, ba zan iya sharewa ba. Jerin nan bisa ranar da na sa kowace waƙa yake, ina gangarawa ina tuna lokacin da na buɗe shago. Na ƙanwata ma ba zan cire ba, duk sanda ta zo gida su take nema. Kuma folda uku ta yi min kaɗan, ina da na damina daban, na azumi daban.

Malamin Firamare: To ai ba a ce ka zubar da nata ba. Ka yi mata jeri da sunanta, ka kwashe su can. In ka bar su a Liked Songs, gobe ma kiɗan biki zai faɗo gaban dattijo.

Tela daga Ringim: Sai dai in daina kunna shi a shago. Kwamfutar ma mai ita sai ranar kasuwa yake zuwa. Babu yadda za a yi a waya kawai?

Mai Cajin Waya: Na ce ka kawo memorin.