Taƙaitawa: Faɗan Ko a Wasan Go

Ga abin da aka tattauna kan faɗan ko a Go, wasan allo da mutum biyu ke yi da duwatsu. Ko shi ne wurin da 'yan wasan za su iya ta cinye wa juna dutse ɗaya bi da bi, amma ba a rama nan take sai an fara bugawa a wani wurin. Barazana ita ce wannan bugun da kake yi don abokin karawarka ya amsa, kai kuma ka dawo ka rama.

1. Kowa ya yarda: kafin ka shiga ko, ƙirga barazanarka da ta abokin karawarka. Barazanar da darajarta ba ta kai ta ko ɗin ba, ba za a amsa ta ba.

2. Fara da barazanar da ke manne da ko ɗin kansa, domin ba ta da amfani a wani faɗan.

3. An rabu kan lokacin haƙura. Wasu sun ce da zarar barazanarka ta ƙare, bar wa abokin karawarka ko ɗin, ka samu bugu biyu a jere a wani wurin. Misali ya haɗe ko, kai ka kashe kusurwarsa. Wasu sun ce a ci gaba ko da barazanar tana jawo maka asarar maki. Ni ban gamsu ba, makin ya tafi ko da ka ci faɗan.