Ina so in ajiye aikin banki, amma ban samu wani ba

Baban Ummi: Salamu alaikum. Shekarata huɗu ina neman kwastomomi wa wani banki a Birnin Kebbi, a kwantiragi. Albashina dubu 140. Taget ɗin da ake ɗora mana ya fi ƙarfina, manaja yana kirana har bayan Isha'i, barci ya gagare ni. Makon jiya jiri ya ɗebe ni a kan babur, da aka auna jinina 160/100, kwana uku a jere bai sauka ba. Ina da dubu 600 a ajiye, hayar gidana a Badariya dubu 350 ce nan da wata uku, ga mata da yara biyu, ga Inna a Jega. Wanda ya taɓa ajiye aiki ba tare da wani a hannu ba, don Allah ya gaya mini yadda ta kaya.

Ɗan Gesse: Ajiye kawai. Lafiya uwar jiki. Da dubu 600 ai sai ka kama shago.

Hajiyar Tudun Wada: Ƙanena, ba ka karanta ba ne? Ba dubu 600 gare shi ba. Cire haya, saura 250. Baban Ummi, nawa gidanka ke ci a wata? Akwai bashi a kanka?

Baban Ummi: Kamar dubu 120, Hajiya, har da abin da nake aika wa Inna. Akwai ragowar bashin ofis dubu 90.

Hajiyar Tudun Wada: To, na yi shekara goma ina lissafin albashi, bari in gaya maka. Bashin nan ranar da ka miƙa takarda za su nemi a cire shi gaba ɗaya, saura 160, wato wata ɗaya da 'yan kwanaki. Ka ɗauko takardar ɗaukarka aiki ka duba notis. In wata ɗaya ta ce kuma ka fita ba ka ba da shi ba, albashin wata za su bi ka. In ofis ke biya maka inshorar lafiya, ita ma za ta tsaya, daidai lokacin da ka fara shan maganin hawan jini kullum. Da ni ce kai, takardar likita zan fara kaiwa in karɓi hutuna na shekara, in ga ko jinin zai sauka in babu kiran manaja.

Manomin Argungu: Ni na yi, kuma har yau ina jin ɗacinsa. Farkon 2023 na bar aikina na zuba komai a shinkafar rani. Sai aka cire tallafin mai a watan Mayu. Noman da ya biyo baya, injin ban ruwa ya cinye ni da raina, jarka bayan jarka. Na sayar da babur, na sayar da firijin matata, ita ta tafi gidansu wata biyu. Waɗanda suka ce "ajiye, Allah na nan" ko ɗaya bai ɗaga wayata ba. Hawan jinin da na guda, a fadama ya same ni.

Ɗan Gesse: Wannan matsalar noma ce, ba ta ajiye aiki ba. Kuma wace haya ce dubu 350 a Badariya? Abokina 200 yake biya.

Maman Hanif: Ciki da falo ke nan, mai banɗaki a waje. Mu 400 muka biya bana. Kai da ke ɗakin soro a gidan Baba, ina kai ina ba mai iyali shawara?

Ɗan Gesse: Anti, gwauro ma yana da jini, kuma yana hawa!

Malam Na Aliero: Ku daina wasa da 160/100. Yayana haka ya yi ta cewa sai ƙarshen shekara, yanzu hannunsa na dama ba ya ɗaguwa. Ka fita, ai akwai kuɗin fanshonka, ka kwashe su ka ja jari.

Hajiyar Tudun Wada: Allah ya ba shi lafiya, Malam. Amma ba a kwashewa duka. Dokar fansho ta 2014 kashi 25 cikin ɗari kawai ta yarda ka ciro, shi ma sai ka yi wata huɗu ba aiki. Shi kuwa kuɗinsa ba za su kai wata biyu ba. Kuma ya kamata ya fara neman bayanin asusun, ya ga ko kamfanin da ya ɗauke shi yana zubawa.

Maman Hanif: Nan ne ciwon! Mijina shekara uku ana yankar kashi 8 a albashinsa, da ya je dubawa wata bakwai kawai aka zuba. Kashi 10 ɗin da ya kamata kamfanin ya zuba ma babu labari.

Baban Ummi: Inna lillahi. Ni saƙon fansho na ƙarshe da na gani tun kafin azumi ne. Maman Hanif, da ya gano haka, wa ya kai wa ƙara, kamfanin fanshon ko hukumar fansho ta ƙasa, PenCom?

Maman Hanif: Ya rubuta wa duka biyun. Har yanzu muna jira.