Neman kalma: "collusion" a wasan foka na intanet, kafin ƙarfe huɗu

Mai Fassara: Salamu alaikum malamai. Ina fassara rahoto kan cutar da ake yi a shafukan foka, kartar nan ta Turawa, kuma edita na jira kafin ƙarfe huɗu. Abu uku suka tsaya mini. Akwai "collusion", akwai "bot", wato manhaja mai wasa da kanta, sai kuma 'yan wasa su riƙa gaya wa juna katin da ke hannunsu ta waya. Rahoton ya kawo abin da ya faru a shafin PokerStars a 2010, inda aka kama wani gungu daga ƙasar Sin, aka mayar wa waɗanda aka cuta kusan dala miliyan biyu. Na farkon na sa "maƙarƙashiya", amma ta yi mini nauyi.

Bazazzagi: Haɗin baki. Maƙarƙashiya ta juyin mulki ce.

'Yar Damagaram: Mu coge muka sani tun muna yara. Duk wanda ya yi rashin gaskiya a karta, ɗan coge ne.

Malamin Lissafi: Hajiya, coge ya yi faɗi, don mutum ɗaya ma yana yinsa. Wannan kuwa sai biyu ko fiye. Duba abin da ya faru a 2010 ɗin. Wasan sunansa Double or Nothing: mutum goma za su zauna, biyar ɗin da suka rage kowa ya karɓi ninkin kuɗin da ya zuba, kuma mai tarin kwabban wasa da mai kwabo ɗaya ladansu ɗaya. To idan huɗu cikin goman nan bakinsu ɗaya, ba sai sun yi wata bajinta ba. Wanda ya tara da yawa ya saki wasa da gangan don ɗan'uwansa da ke dab da fita ya farfaɗo, su ƙi taɓa juna, su taru a kan baƙo. Wannan haɗin baki ne tsantsa. Amma kada ki sa abu na ukun a ƙarƙashinsa ki wuce, aikinsa daban ne.

Mai Fassara: Malam, ina bambancin? Ni duk ɗaya na gan su.

Malamin Lissafi: Bari mu ƙirga. Karta 52 ce, iri huɗu, kowane iri 13. A nau'in foka da ake kira Texas Hold'em kowa na da kati biyu a ɓoye. A ce ina riƙe da masu alamar zuciya biyu, an buɗe huɗu a tebur, biyu daga ciki zuciya ne, saura kati ɗaya a buɗe. Ina neman zuciya ta biyar, don kati biyar masu alama ɗaya ne za su ba ni nasara. Zukata 9 suka rage cikin kati 46 da ban gani ba, wato kashi 19.6 cikin ɗari. Akwai dala 100 a tsakiya, abokin karawa ya ƙara 25. Zan zuba 25 don in ci 125, ke nan sai damata ta kai ɗaya cikin shida, kashi 16.7, kafin biyan ya yi amfani. Ta kai, don haka mai gaskiya zai biya.

Yanzu a ce abokaina biyu a teburin sun riga sun jefar da katinsu, amma sun turo mini abin da suka jefar. Cikin kati huɗun da suka jefar, uku zuciya ne. Saura 6 cikin 42, kashi 14.3. Sai in janye salin alin. Da babu zuciya ko ɗaya a cikinsu, 9 cikin 42 ke nan, kashi 21.4, in biya hankali kwance. Ba wanda ya saki wasa, ba wanda ya yi abin da zai ja ido. A nau'in Omaha, inda kowa ke da kati huɗu, abokai biyu kati takwas za su nuna maka.

Tsohon Ɗan Jarida: Ni abin da ke ci mini rai shi ne "bot". Har yaushe za mu riƙa ɗauko kalma ɗanya mu dasa? Shekara talatin na yi a gidan rediyo, ba mu taɓa kasa kalma ba. Na ba ku "aljanin tebur". Ba a ganinsa, ba ya barci, ba ya gajiya.

Bazazzagi: Baba, da girmanka, mai sauraro zai ɗauka tsafi ake yi. Mutum-mutumi ai yana nan.

Tsohon Ɗan Jarida: Mutum-mutumi yana da hannu da ƙafa, a gona ake kafa shi. Wannan ba shi da jiki. Ku yaran yanzu kunyar harshenku kuke ji.

'Yar Damagaram: Baba, ba kunya ba ce. Mu nan "robo" za a ce, daga Faransanci, kuma rediyo ɗaya muke saurare da ku. Idan Kano ta ƙirƙiro kalma ba ta tambaye mu ba, mu ma ba dole mu ɗauka ba.

Ɗan Kasuwar Waya: Ni na ɗauka maganar masu ganin katin kowa ake yi, irin na shafin Absolute Poker a 2007. Ku sa "leƙen asiri" kawai. Kuma ni dai caca haramun ce, ban ga abin wahalar da kai ba.

Malamin Lissafi: Haramcinta bai hana a ba da labarin ɓarnar da ke cikinta ba. Na 2007 kuwa wani abu ne daban: wani akawun mai suna POTRIPPER, ta cikin kamfanin ya samu ikon ganin katin kowa. Shi leƙe ya yi. Waɗannan nuna wa juna suke yi da yardarsu.

Kuma ki kula, yadda ake kama su ma ya bambanta. Shafin yana ajiye katin kowa na kowane zagaye. Mai sakin wasa yakan tonu da wuri: za a ga ya jefar da kati mai ƙarfi a gaban mutum ɗaya tak, sau da yawa, alhali da kowa yana fafatawa. Sai a duba sau nawa suke zama tebur ɗaya, ko na'ura ɗaya ko adireshin IP ɗaya suke hawa, ko kuɗi na yawo tsakaninsu. Bot kuma ɗabi'arsa ke tona shi: akawun goma su riƙa yanke shawara iri ɗaya sak, da jinkiri iri ɗaya, da motsin linzami da ba na hannun mutum ba. Wani lokaci sai a ce wa mai akawun ya ɗauki bidiyon kansa yana wasa. Amma janyewar da na lissafa, zagaye ɗaya ba ya nuna komai, don mai tsoro ma zai iya janyewa. Sai an tara dubban zagaye a ga mutum yana dacewa daidai lokacin da katin da yake nema ke hannun wane. Kuma a wasan manyan kuɗi 'yan wasan kaɗan ne, haɗuwarsu kullum ba hujja ba ce.

Mai Fassara: To ga abin da na rubuta: "coge" a kanun labari, "haɗin baki" ga na farko. Na ukun fa? "Musayar kati"?

Bazazzagi: A'a, za a ce miƙa wa juna suke yi. "Raɗar kati".

'Yar Damagaram: Raɗa da baki ake yi, su rubutu suke turawa. Amma ta fi musaya.

Tsohon Ɗan Jarida: Raɗar kati na yarda, Hausa ce. Bot kam ban yarda ba.

Mai Fassara: Baba, ka yi haƙuri, saura minti ashirin. Farkon ambato zan ce "manhajar da ke wasa a madadin mutum", daga nan in ci gaba da bot. Raɗar kati zan bi ta da jimla ɗaya ta bayani, in edita ya bar ta.

Tsohon Ɗan Jarida: Ki gaya masa akwai wanda bai amince ba. Gobe zan dawo da wata kalmar.