Neman kalmar Hausa: me za mu kira ƙanƙanin bangon littafi da ake gani a kantunan intanet?

Malam Habu: Assalamu alaikum. Ina shirya ɗan jagora ga marubutanmu masu sayar da littattafansu a intanet, kuma na tsaya a kan kalmar da ke fitowa a allon kwamfuta da sunan thumbnail, wato wannan ƙanƙanin hoton bangon littafi da mai saye yake gani a jere da na wasu littattafan kafin ya taɓa ɗaya daga ciki ya buɗe masa. Asalin kalmar farcen babban yatsa take nufi, saboda ƙanƙanta, amma idan na rubuta wa marubuciya cewa ta kula da farcen littafinta ba za ta gane inda na dosa ba. A yanzu na sa "ƙaramin hoto", sai dai bai kwanta mini ba, domin kowane hoto ma yana iya zama ƙarami. Ina neman shawarar masu sana'ar zanen bango da masana harshe.

Ɗan'asabe: Wa alaikumus salam, Malam. Mu masu ɗora bidiyo a YouTube mun daɗe muna cewa "hoton talla", domin hoto ne da mutum yake zama ya haɗa shi daban, mai faɗin fiksel 1280 da tsayin 720, fiksel kuwa shi ne ƙanƙanin ɗigon da allo yake haɗa hoto da shi, ya sa fuska da manyan kalmomi biyu ko uku don ya ja hankalin mai wucewa. A ganina a ɗauki wannan sunan kawai a huta, tunda aikinsu ɗaya ne.

Malama Zulai: Malam Ɗan'asabe, aikinsu ya yi kama, amma hanyar samuwarsu ta bambanta, kuma a kan wannan bambancin ne ya kamata sunan ya tsaya. Kai kana da damar haɗa hoto na musamman ka ɗora shi a gefen bidiyonka. Mai littafi ba shi da wannan damar a yawancin kantuna: bango ɗaya yake ɗorawa, kantin ne da kansa yake ƙanƙantar da shi ya jera shi a shafin bincike. Dandalin KDP na Amazon, alal misali, yana ba da shawarar bango mai tsayin fiksel 2560 da faɗin 1600, Wattpad kuma da marubutanmu suka saba da shi yana neman faɗin 512 da tsayin 800, amma abin da mai saye yake fara gani a wayarsa bai wuce faɗin yatsu biyu ba. Idan muka ce "hoton talla", marubuci zai ɗauka wani aiki ne na biyu da zai ba mai zane bayan an gama bango, alhali matsalar tana cikin bangon tun ranar da aka fara tsara shi.

Hajiya Rabi: Malama, maganarki ta taɓa ni, domin ni abin ya same ni. Na ba wani yaro aikin bangon littafina, mu ce sunansa "Ranar da Ƙura Ta Lafa", ya yi mini shi da rubutun ado mai lanƙwasa, ruwan zinare a kan ja mai duhu, ga amarya da ango, ga mota, ga gidan sama a bayansu, kamar yadda muka saba gani a bangon littattafan soyayya a kasuwannin Kano. Da ya turo mini a cikakken girmansa na yaba ƙwarai. Da na ɗora shi kuwa sai sunan ya koma wani zare rawaya da ba ya karantuwa, har wata ƙawata ta tambaye ni ko labarin kura na rubuta. Ni dai a gida "fasfon littafi" nake ce masa, saboda girmansa kamar na hoton fasfo ne.

Malama Zulai: Hajiya, bari mu yi lissafin bangonki, domin abin da ya faru ba sai an yi duba ba. Mu ɗauka faɗinsa fiksel 1600 ne, kantin kuma ya nuna shi a faɗin 160, to komai na jikinsa ya ragu sau goma. Sunan littafinki, haruffa da tazarar da ke tsakaninsu, gurbi 21 ne, kuma idan yaron ya jera su a layi ɗaya, tsayin manyan haruffan ba zai wuce fiksel 90 ba, wanda zai koma 9 bayan ƙanƙantarwa. Wannan ma da sauƙi. Babbar illar tana ga kaurin layin da aka zana harafin da shi: rubutun ado yakan zo da siririn layi, mu ce fiksel 8, kuma idan aka raba shi goma bai kai fiksel ɗaya ba. Abin da bai kai fiksel ɗaya ba allo ba ya iya nuna shi da launinsa, sai ya gauraya shi da launin da ke bayansa, shi ya sa zinarenki ya dushe ya zama zare. Lanƙwasar da ke kan Ƙ kuwa ita ce mafi ƙanƙanta a jikin harafin, don haka ita ke fara ɓacewa, ƙura ta koma kura, kamar yadda ƙafa za ta koma kafa ko ɓata ta koma bata. Mai zanen bangon Turanci bai san wannan damuwar ba sam, mu ne muke da ita.

Da ni aka kawo wa aikin, zan ciro kalmar ƘURA ita kaɗai in shimfiɗa ta daga gefe zuwa gefe da harafi mai kauri, tsayinsa wajen fiksel 400, ta yadda ko an raba shi goma zai bar 40, lanƙwasar ma ta samu fiksel biyar ko shida ta fito sarai. "Ranar da" ya hau sama da ƙaramin rubutu, "Ta Lafa" ya sauka ƙasa, kuma ba laifi ba ne idan waɗannan ba su karantu ba a ƙanƙance, tunda kantin yana rubuta cikakken sunan littafi da na marubuci a gefen hoton. Sannan a cire mota da gidan sama, a bar fuska ɗaya babba, domin a wannan girman mutum biyu da mota tabo uku ne kawai. Launi kuma a gwada shi ta hanyar mayar da bangon baƙi da fari: idan rubutun ya saje da bayansa, to ba su bambanta a haske da duhu ba, komai kyan launukan a ido. Ja a kan shuɗi mai duhu kusan kullum yana faɗuwa wannan gwajin.

Malam Habu: Madalla da wannan bayani, Malama, ya shiga jagorar kai tsaye idan kin yarda. Mu koma kan sunan. "Fasfon littafi" na Hajiya ya burge ni domin kowa zai gane girman da ake nufi, amma ina ganin yana da irin aibin "hoton talla": hoton fasfo zuwa ake yi a ɗauke shi na musamman, kai da kafaɗa kawai, alhali wannan bangon ne gaba ɗayansa aka rage. Na yi tunanin "taƙaitaccen bango", sai na ga taƙaitawa tana nufin an zubar da wani sashe an bar wani, kuma a nan babu abin da aka zubar. Me za ku ce game da "ɗan bango"? Gajere ne, jam'insa "'yan banguna", kuma "ɗan" yana ɗauke da ma'anoni biyu da muke buƙata, ƙanƙanta da kuma cewa daga babban ya fito.

Malam Isuhu: Gaisuwa daga Maraɗi. A wajenmu masu aikin kwamfuta kalmar Faransanci suke amfani da ita, wadda ake kiran ƙananan zane-zane da ita, don haka mu ma ba mu da ta Hausa tsayayya. Ina da ja a kan "ɗan bango", Malam, domin wanda ba ya harkar littattafai idan ya ji bango, na ɗaki zai fara kawowa a ransa, sai ya zaci ƙaramar katanga ake nufi. "Ɗan hoto" ya fi faɗi, zai yi wa littafi, ya yi wa bidiyo, ya yi wa kayan da ake sayarwa a kanti. Wani abin da zan ƙara a kan maganar Malama shi ne, mu a Nijar muna rubuta ƴ a inda ku kuke rubuta 'y, kuma yawancin salon haruffan ado ba su da shi, ba su da Ƙ da Ɗ da Ɓ ma. Manhaja takan aro harafin daga wani salon daban ta cusa, sai ka ga harafi ɗaya ya fi 'yan'uwansa siranta a tsakiyar suna. Salon haruffan Noto Sans da na Andika suna da su duka.

Malama Zulai: Gaskiya ne, Malam Isuhu, kuma harafin aron nan shi ne yake fara dushewa idan an ƙanƙanta, tunda ya fi sauran siranta. Wasu masu zane suna ɗaukar K su manna mata lanƙwasa da hannu, wanda ba laifi ba ne muddin kaurinta ya yi daidai da na jikin harafin. A kan sunan, ni ina bayan "ɗan bango" a cikin jagorar, saboda jimlolin da zan faɗa wa abokin ciniki suna fita da shi ba tare da tuntuɓe ba: "duba ɗan bangon kafin ka biya", "sunan bai fito a ɗan bango ba". Idan na ce "ɗan hoto" sai ya tambaye ni wanne daga cikin hotunan da ke jikin bangon.

Ɗan'asabe: To na ji bambancin, amma ni ban yarda a cire komai a bar fuska ɗaya ba. Masu karatun littattafan Hausa da hoton suke gane irin labarin, ko na soyayya ne ko na yaƙi, kuma idan kowa ya bi wannan shawarar duk bangunan za su zama iri ɗaya.

Malama Zulai: Da gaskiyarka a rabi. Abu guda babba nake nufi, ba lallai fuska ba: takobi, ko lalle a tafin hannu, ko ƙofar gari, kowanne yana faɗin irin labarin kuma yana jure ƙanƙantarwa. Ƙananan kayan ado ma ana iya barin su don wanda ya buɗe cikakken bangon, matuƙar ba su ratsa bayan rubutun ba.

Hajiya Rabi: Ni dai zan ci gaba da cewa fasfo a baki, amma a rubuce na karɓi "ɗan bango". Malama, sabon littafina farin bango nake so, shin shi ma yana da matsala? Kuma yaya zan gwada shi tun kafin in ɗora?

Malama Zulai: Yana da ita, Hajiya, domin shafin kantin shi ma fari ne, sai gefen littafin ya ɓace rubutun ya zama kamar yana yawo a fili. KDP da kansa yana ba da shawarar a zagaye irin wannan bangon da siririn layi ruwan toka mai kaurin fiksel 3 zuwa 4, ko da yake ni nakan ƙara masa kauri ko in sa farin ya ɗan karkata zuwa ruwan madara, saboda lissafin da muka yi ɗazu. Gwajin kuwa, ki sa mai zanen ya fitar miki da kwafi biyu, ɗaya mai faɗin 160, ɗaya mai faɗin 100, ki buɗe su a waya ba tare da kin buɗa su da yatsu ba, sannan ki miƙa wa wanda bai san sunan littafin ba ya karanta miki da ƙarfi.

Malam Habu: Zan sa "ɗan bangon littafi" a karon farko da kalmar ta fito a jagorar, don maganin katangar Malam Isuhu, daga nan in ci gaba da "ɗan bango". Na bidiyo da na sauran kaya ban yanke ba tukuna, domin "ɗan hoto" da "hoton talla" kowanne yana da masu goyon baya. Malam Isuhu, ko za ka tambayar mana masu ɗab'i na Maraɗi da Damagaram wanne suka fi ji a bakin abokan cinikinsu?