Oda ba ta tabbata sai kuɗi sun shiga: adalci ne ko son kai?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Matar da nake sayen atamfa a wurinta ta fitar da sanarwa cewa: "Daga yau ba na ajiye wa kowa kaya da baki. Oda ba ta tabbata sai kuɗi sun shiga asusuna, risit kaɗai bai isa ba." Ranar Alhamis da la'asar na tura mata naira 28,000 kuɗin turmi ɗaya, banki ya cire kuɗin, na aika mata risit. Da safiyar Juma'a ta ce ba ta ga komai ba, wata ta biya ta ɗauki turmin. Shekara uku muna ciniki da ita. Don Allah wannan adalci ne?

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam. 'Yata, ki yi haƙuri, amma ni ma irin sanarwar nan na kafa, kuma ban yi nadama ba. Ku masu saye ba ku ganin abin da "Hajiya ajiye min" ke jawo mana. Na saro shadda a Kantin Kwari ana saura sati uku ƙaramar sallah, kala biyar. Mutum huɗu suka ce in ajiye musu ruwan toka, kowace da rantsuwarta cewa albashi na shiga za ta turo. Na cire su daga kan kanta na sa a leda, na rubuta sunan kowa da biro. Duk wadda ta zo da kuɗi a hannu sai in ce an saya. Ɗaya ce kaɗai ta biya. Ɗaya ta daina ɗaukar wayata, biyu suka ce maigida bai yarda ba. Sallah ta wuce, ledojin uku na nan a ƙasan kanta, ni kuma maigidana na kasuwa yana jiran cikon kuɗinsa. Jarin ƙaramin ɗan kasuwa juyawa yake yi, in ya kwanta sati uku an ci ribar tun kafin a sayar.

Ummi: Ni dai abin da ban so ba shi ne hana bashi gaba ɗaya. Ai rayuwar nan sai da rufin asiri, ba kowa ke da kuɗi a hannu kullum ba.

Hajiya Babba: Ummi, ba maganar bashi ake yi ba. Mai bashi ta ɗauki kaya ta tafi, na san wadda nake bi, na rubuta a littafi. Mai "ajiye min" ba ta ɗauka ba, ba ta biya ba, ta kuma hana a sayar wa wani. Har gobe ina ba da bashi ga wadda na sani.

Maman Ilham: Hajiya na ji, amma ni fa ban ce a ajiye min da baki ba. Na biya. Kuɗina sun fita.

Sani mai POS: Anti, a nan ne gizo ke saƙar. Fitar kuɗi daga asusunki daban, shigarsu asusunta daban. Taransfa tsakanin banki da banki tana bi ta NIBSS ne, wato kamfanin da ke haɗa bankunan Najeriya, kuma yawanci cikin daƙiƙu take sauka. Amma wani lokacin bankinki ya cire, saƙon ya maƙale a hanya ko a wurin bankin mai karɓa. Daga nan ɗayan biyu ne, ko su sauka a makare, ko su dawo miki. Risit ɗin da kika aika mata manhajar bankinki ce ta buga shi, shaida ce cewa kin tura, ba shaida ba ce cewa ta karɓa. Duk wanda ya yi sana'ar nan a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, ya ga wannan da idonsa: risit na cewa Successful, mai shago na kallon wayarsa ba komai, mai saye na tsaye da kaya a hannu.

Sannan ga na bogi. Ni an taɓa yi min da naira 40,000. Yaro ya zo da shiga ta mutunci, ya nuna min risit, saƙo ma ya shigo wayata da sunan banki. Layi ya yi tsawo, na ƙirga na ba shi. Sai dare da na zauna lissafi na buɗe manhaja, babu kuɗin. Da na koma kan saƙon sai na ga ragowar kuɗin da aka rubuta a ƙasa bai yi daidai da abin da ke asusuna ba, abin da ya kamata in lura da shi tun a tsaye. Tun ranar ba na duban hoto, ba na duban saƙo. Manhaja nake buɗewa in ga kuɗin a jerin shige da fice, da sunan wanda ya turo. Don haka kalmarta ta "risit kaɗai bai isa ba" gaskiya ce tsantsa.

Abin da za ki yi yanzu: ki duba risit ɗin, akwai Session ID, lamba 30 ce. Ki ba ta ita ta kai wa bankinta, ke ma ki kai ƙorafi naki bankin da ita. Da lambar ake gano inda kuɗin suka tsaya.

Baban Sadik: Duk kun tsaya a gefen mai shago. To mai saye fa, wa ke kare shi? Matata ta ga leshi a hoto, ta tura kuɗi Legas, aka ce an ba direba. Kwana tara muna zarya tasha. Da kayan suka iso, ba kalar ba ce, kuma yadi huɗu ne maimakon biyar. Muka kira, aka ce ba a mayar da kuɗi. Wannan doka ta "biya tukuna" ta kwashe kasadar duka ta ɗora wa mai saye. In na tura kuɗi, me ke hannuna? Hoto.

Malam Habu: A shari'a dai babu laifi a biya kafin a karɓa. Ai shi ne cinikin salam. Annabi (SAW) ya iso Madina ya tarar suna biyan kuɗin dabino shekara ɗaya ko biyu kafin a girbe, ya yarda da shi in an san mudu, an san nauyi, an san lokaci. Hadisin Ibn Abbas ne, yana cikin Bukhari da Muslim. Saboda haka mai shagon nan tana kan daidai.

Malama Saudatu: Allah ya gafarta Malam, hadisin haka yake, amma ina ganin ba babinsa ba ne wannan. Salam ana yin sa ne a kan kayan da aka siffanta, suna wuyan mai sayarwa zuwa wani lokaci, kamar buhu goma na gero zuwa kaka. Kowane gero mai wannan siffa ya kawo ya fita. Maman Ilham kuwa turmi ɗaya takamaimai ta nuna, wanda yake nan a shago, ba ta dai gan shi da ido ba. Wannan sayar da abin da ba ya wurin ciniki ne bisa siffa. Abin da muka karanta a Risala ta Ibn Abi Zaid shi ne cinikin ya halatta, amma ba a sharɗanta biyan kuɗi tun farko sai in kayan suna kusa, ko kuwa irin abin da ba ya canzawa ne kamar gida ko fili. Dalilin da malamai suka bayar shi ne kada kuɗin su zama ba a san matsayinsu ba: in kaya sun iso lafiya sun zama farashi, in ba su iso ba sun zama rance. Kusancin kuwa an kimanta shi da tafiyar kamar yini biyu. To mai shago a Kano da mai saye a Kano, sharaɗin ya zauna daram. Sai dai akwai ɗaya gefen da masu kafa sanarwa ba sa rubutawa. A mazhabarmu irin wannan kaya yana ƙarƙashin lamunin mai sayarwa har sai mai saye ya karɓa, in ba an yi wani sharaɗi daban ba. Kuma in ya zo ba bisa siffar da aka faɗa ba, mai saye na da damar mayarwa. Kenan Baban Sadik, yadi huɗu a maimakon biyar, kuna da haƙƙi.

Malam Habu: Na karɓi gyara a kan salam, Malama, Allah ya ƙara ilimi. Amma yini biyun nan na tafiyar raƙumi ne. Yau mota na tashi Kano ta kwana a hanya ta wayi gari a kudu, ga bidiyo ana nuna maka kayan a lokacin. Ina ganin kusan duk Najeriya ta zama kusa.

Malama Saudatu: Wannan kam sai a kai wa manya, ba zan yanke ba.

Hajiya Babba: Ni ban yarda kayan da na ba direba su zama a wuyana ba. Na kai tasha, na biya kuɗin mota, na tura wa mai kaya lambar direba da lambar mota. In ya ɓatar, ni ce zan biya?

Baban Sadik: Hajiya, wa ya zaɓi direban? In ke kika zaɓa, ɗan aikenki ne. In ni na ce ki ba wane, to nawa ne.

Hajiya Babba: To a rubuta hakan tun farko, kowa ya sani. Amma bari in faɗi gaskiya a kan maganar da ta tara mu. Da ni ce, ba zan sayar da turmin nan da safiyar Juma'a ba. Sanarwa an yi ta ne don baƙuwar fuska da masu alkawarin baka. Macen da kuka shekara uku kuna ciniki, ta turo risit, ai sai ki kira ta ki ce kuɗi ba su shigo ba, na ba ki zuwa gobe da azahar. Ni abin da nake yi kenan: wadda ta turo risit ina riƙe mata kaya yini ɗaya cur, in ba su sauka ba in sanar da ita kafin in saki. Mai atamfar nan ba ta karya dokarta ba, amma ta yi gaggawa.

Sani mai POS: Yini ɗayan ma wani lokacin ba ya isa, Hajiya, musamman in abin ya faɗa ƙarshen mako. Shawarata ga masu saye, in kaya ɗaya ne tak ya rage, ku tambayi mai shago bankin da take amfani da shi. In kuna da asusu a banki ɗaya ku tura ta nan, ba ya bi ta tsakanin bankuna, bai cika maƙalewa ba. Kuma kada a rufe waya a tafi, a tsaya sai ta ce ta gani.

Maman Ilham: Yanzu ta kira ni. Kuɗin sun shiga wurinta da asubar yau Asabar. Ta ba ni haƙuri, ta ce in zaɓi wata kala ko ta dawo min da kuɗina. Matsalar ita ce ankon bikin ƙanwar maigidana ne, wata kalar ba ta da amfani a wurina, kuma ta ce a kasuwa ma zanen ya ƙare.

Ummi: Anti ki karɓi kuɗinki kawai, ki turo hoton zanen, akwai yayata a Kwari ta duba miki layi-layi ranar Litinin.

Baban Sadik: Ni dai har yanzu tambayata na nan. Kuɗin da suka fita daga hannun mai saye ranar Alhamis suka sauka Asabar, a ranar Juma'a na waye?

Malama Saudatu: Zan tambayi malaminmu gobe bayan karatu in sha Allah. Maman Ilham, turo hoton.