Katsina nawa ce? Musayar waƙa kan Katsina da Maraɗi

Ummi 'yar Jibiya:
Salam 'yan uwa. Kakata a Maraɗi aka haife ta, katin Nijar gare ta, amma ko yau ka tambaye ta sai ta ce ita Bakatsina ce, wai sarkinsu ma Sarkin Katsina ake ce masa. To Katsina nawa ce? A ba ni amsa a waƙe, amsa-amo "wa".

Tsohon Hedimasta:
'Yata zauna, gaskiya kakarki ke faɗawa,
Katsina ɗaya ce, jihadi ya zo da rabuwa,
Wajen 1807 birni ya yi faɗuwa,
Ummarun Dallaje ya hau, Haɓe suka yi ficewa,
Arewa suka nufa, Damagaram suka sam mafakawa,
Can baya Ɗan Kasawa a Maraɗi ya yi kafuwa,
Ganuwa suka bari, sarautar ba su yarda da sakewa,
Shi ya sa Sarkin Katsina har yau can ake kirawa.

Ɗan Kwara:
Baba a yi haƙuri ni dai ban yarda ba, duk wannan aikin Turawa ne.
Da can babu iyaka, ba a tare mai wucewa,
Bature ya zo da rula, ƙasa ya yi tsagawa,
Ingila ta ɗau kudu, Faransa ta ɗau arewa,
Uwa ɗaya uba ɗaya, sai da kati ake ganawa.

Tsohon Hedimasta:
Ɗana ka kama rabi ka saki rabi. Layin takarda nasu ne, wannan haka yake, amma sun tarar da rabuwar ta kusa shekara ɗari.
Kafin Bature akwai iyaka, ta mashi da garkuwa,
Ɗan Baskore daga Maraɗi yakan kawo farmakin dakarun hawa,
Tsakanin garuruwan daji aka bari, mai shiga sai da shiryawa.
A 1890 daga Sayi zuwa Barruwa aka fara zanawa,
A 1898 mil 100 daga Sakkwato aka yi kewayawa,
Maraɗi da Ƙonni a lokacin rabon Ingila suke faɗawa,
Faransa ta ce hanyar Damagaram ba rijiya, ba ta biyuwa,
A 1904 da 1906 aka sake zaman gyarawa,
Layi ya sauko kudu, Maraɗi ta koma hannun Faransawa.

Hajiya ta Funtuwa:
Ni ban kai Nijar ba, bari in faɗi tawa, mahaifina har ya rasu takardunsa suna rikita mu, gida ɗaya bai taɓa tashi ba amma kowace takarda da sunan da ke kanta.
Ta makaranta Lardin Katsina aka yi bugawa,
Ta aiki Arewa ta Tsakiya, 1967 aka yi raɗawa,
A 1976 Kaduna aka ce, muka yi amsawa,
A 1987 jihar Katsina ta zo, Babangida ya yi yankewa,
Yanzu ga mu nan muna ta neman jihar Karaduwa.

Na Kusugu:
Hajiya sannu, amma ku riƙa tuna Daura don Allah, kullum sai a yi kamar masarauta ɗaya ce a jihar.
Sarakuna biyu ne a jihar, Daura ba a mantawa,
Da mu da Katsina Lardin Kano aka fara sakawa,
A 1926 Katsina Lardin Zariya aka yi turawa,
Sai 1934 aka haɗa mu lardi guda, muka yi zaunawa,
Mu kuwa Malam Musa daga Zango Bature ya yi maidowa,
Gidan Haɓe ya koma Daura, na Katsina a Maraɗi ya yi tsayawa.

Ɗan Kwara:
To me ya hana a maido na Maraɗi kamar yadda aka maido na Daura? Ai ka ga maganata ta fito, Bature ne mai yi.

Tsohon Hedimasta:
Zango a ɓangaren Ingila take, Maraɗi kuwa ta riga ta haye wancan gefe, kuma a Katsina da suka cire gidan Dallazawa a 1906 Durɓi Dikko suka naɗa, Basulluɓe ne. Amma ban ce wannan kaɗai ne dalili ba.

Bagobirin Tsibiri:
Kun cika mu da Katsina, ku juyo ga Gobirawa,
Alƙalawa ta faɗi a 1808, mu ma muka yi watsewa,
Tsibiri tana Nijar, Sabon Birni Sakkwato ke riƙewa,
Sarkin Gobir nan da can, wanne za ku ce na ƙwarai, ku bayin Gobirawa?

Ummi 'yar Jibiya:
Kai Bagobiri, wa ya kira ka? Bayi kuma ai ku ne namu. Baba Hedimasta na gode, saura Tasawa, kaka ta ce can ma nasu ne, wa zai ɗauka?