Bargo mai nauyi da abin rufe ido: iya inda amfaninsu ya tsaya

Wasu mutane sun tattauna ko bargo mai nauyi da abin rufe ido suna taimaka wa barci. Ba su sami saɓani kan abin rufe ido ba. Aikinsa guda ne, tare haske, domin haske da dare yana hana jiki fitar da melatonin, sinadarin da ke sanar da shi lokacin barci ya yi. Mai aikin dare da ke kwanciya da rana shi ya fi cin moriyarsa. Sai dai a duba gefen hanci, ta nan haske ke satar hanya.

Bargon ne ya jawo musu. Ana cika shi da ƙananan ƙwayoyin gilashi ko na roba, kuma yawanci ana zaɓar mai nauyin kashi 10 cikin 100 na nauyin mutum, wato mai kilo 70 ya nemi na kilo 7. Wannan ƙiyasi ne kawai. Wasu sun ce dannawar tana kwantar musu da hankali in tunani ya yi yawa, wasu kuwa zufa kawai suka sha. A ganina duka biyun gaskiya suka faɗa.

An ja kunne sosai a wuri ɗaya: kada a lulluɓa wa jariri ko wanda ba zai iya yaye shi da kansa ba, kuma mai asma ya fara tambayar likita. Wanda ke minshari har numfashinsa na ɗaukewa, ya wayi gari a gajiye, bargo ba zai yi masa magani ba, asibiti zai je a gwada barcinsa.